Yadda ake kwance bol ɗin da ya kafe a jikin alminiyon, da yadda ake hana shi sake kafewa

Duk lokacin da sanyi ya fara shigowa aka fara shirin noman rani, shagonmu cika yake da injinan ban ruwa, kuma kusan rabinsu matsalar ɗaya ce. Manomi ya ajiye injin tun farkon damina, yanzu ya ɗauko ya tayar yaƙi jan ruwa, ana so a buɗe tukunyar famfon a duba fanka da sil, sai bol yace shi fa ba inda zashi. Yaro ya ɗauko sifana ya ƙara mata bututu ya danna da ƙarfinsa, sai kaji ƙas, kan bol ɗin ya taho a hannunsa sauran ya zauna a ciki. Aikin minti ashirin ya koma na kwana biyu, wani lokacin ma asarar tukunyar gaba ɗaya, kuma abin da yake min ciwo shine ɗan man hana kafewa da bai kai girman ƙwayar wake ba da an shafa tun farko da duk wannan bai faru ba.

Zan ɗauki misali ɗaya in bishi daga farko har ƙarshe, injin ban ruwa mai inci 3 na wani dattijo mai noman tumatir da albasa a yankin Kura. Tukunyar famfon alminiyon ce, wato sanholo, bol huɗu ne na baƙin ƙarfe masu lamba M8 suke riƙe da ita a jikin murfin baya wanda shima alminiyon ne, kansu kuma na sifana 12. Amma abin da zan faɗa ɗaya ne da na murfin kulochin babur, da na gidan tamostat a mota, da na janareto, duk inda ƙarfe ya shiga cikin alminiyon kuma ruwa yana taɓa wurin.

Me yake riƙe bol ɗin

Mutane suna cewa tsatsa ce, eh tsatsa ce amma ba jar nan da muka sani ta jikin ƙarfe ba. In ka samu ka zaro irin wannan bol ɗin ka duba da kyau zaka ga wani farin gari ya daskare a jikinsa kamar toka ko busasshen gishiri, wani wurin ma yayi tauri kamar siminti. Wannan farin garin alminiyon ne da kansa ya ci ya koma haka, bol ɗin kuwa sau da yawa in ka goge shi zaka tarar lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke faruwa irin na cikin batir ne. Batir ƙarfe iri biyu ne da ruwan da ke ɗaukar wuta a tsakaninsu. To a nan ma ga ƙarfe iri biyu suna taɓa juna, baƙin ƙarfe da alminiyon, da zarar ruwa ya shiga tsakanin zaren, wato murɗin da ke jikin bol da raminsa, sai wata 'yar ƙaramar wutar lantarki ta fara gudana wadda ba ka ji ba ka gani, kuma a cikin biyun alminiyon ne mai rauni, shi yake narkewa a hankali yana kare ƙarfen. Masana suna kiran wannan tsatsar galbanik. Abu uku take buƙata: ƙarfe iri biyu, su taɓa juna, da ruwa. In ɗaya ya ɓace ta tsaya. Ba zamu iya hana bol taɓa zarensa ba tunda aikinsa kenan, saboda haka ruwan ne zamu hana shiga, riƙe wannan don shine duk sirrin man da zamu zo kansa.

Ruwa ma ba ɗaya bane. Ruwan da ke da gishiri ko kanwa ko taki a cikinsa yafi ɗaukar wuta, shi yasa injin da ke zaune a bakin kwari ko fadama inda ruwan taki ke gangarowa yafi saurin kafewa akan wanda ke jan ruwan rijiya mai daɗi. Haka motar da ake zuba mata ruwan famfo zalla a lagireto maimakon ruwan sanyaya injin na gaske, shi na gasken akwai maganin hana tsatsa a cikinsa. Kuma lokacin da abin yafi ci ba lokacin aiki bane, lokacin ajiya ne, wata biyar ko shida injin yana zaune a ɗaki da ragowar ruwa a cikinsa ga danshin damina.

Shi wannan farin garin yafi alminiyon ɗin da ya fito daga gareshi cin wuri, kumbura yake. Tsakanin bol da raminsa kuwa ɗan fili ne da ko gashi da ƙyar zai shiga, sai garin ya cika shi ya matse bol ɗin ta kowane gefe. Sannan ga wani abu da yara da yawa basu lura da shi ba: ba a zare kaɗai yake kamawa ba, sau da yawa ma yafi kamawa a santsin jikin bol ɗin inda ya ratsa ta cikin kunnen tukunyar kafin ya kai ga zaren. A injin dattijon nan haka ne, mun kwance ɗaya yana juyawa amma yaƙi zarowa, sai da muka bugo shi.

Kafin ka taɓa sifana

Fara da juye fetur ɗin tanki da na kafireta gaba ɗaya ka ajiye shi nesa, don zamu yi amfani da wuta. Ka buɗe ƙaramin murfin ƙasan tukunya ragowar ruwan ya zube. Ka wanke laka da burushin waya har kaga kan bol ɗin da gefensa sosai, in ka ga farin gari yana leƙowa ta ƙarƙashin kan bol ko wosha to ka riga ka san da abin da kake faɗa.

Sifana mai buɗaɗɗen baki ka ajiyeta gefe, gefe biyu kawai take kamawa kuma ita ce ke murje kai. Soket mai lungu shida zaka samu, lamba 12 daidai, ka buga shi da guduma ya zauna har ƙasa. Mai lungu goma sha biyu yana zamewa in kan ya ɗan ci. Hannun soket ɗin kuma gajere, wanda bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, ba a ƙara bututu akan bol M8. Da gajeren hannu ne zaka ji abin da bol ɗin yake gaya maka.

Bugu da jiƙo

Matakin farko bugu ne. Farin garin nan yana da tauri amma yana da saurin farfashewa, kamar busasshiyar laka. Ka ɗora wani guntun ƙarfe mai faɗin baki a tsakiyar kan bol ɗin ka buga da matsakaiciyar guduma kai tsaye kamar zaka tura shi ciki, sau goma ko sha biyar, bugu mai kaifi amma ba na fasa dutse ba. Kan bol ɗin zaka buga, kar gudumar ta sauka akan kunnen tukunyar, zubin alminiyon baya lanƙwasa, tsagewa yake. In akwai yadda zaka tallafi bayan kunnen da katako ko wani ƙarfe mai nauyi to ka tallafa.

Sai ka fesa man kwance tsatsa irin su WD-40, in babu ka haɗa kananzir da ɗan baƙin mai, ka zuba ta ƙarƙashin kai da ta tsagar da ke tsakanin tukunya da murfi, da ta baya in ramin ya ɓulle. Amma kar ka yaudari kanka, waɗannan mayukan basa narkar da farin garin alminiyon, hanya kawai suke bi ta tsagogin da bugu ya buɗe su sa santsi. Shi yasa bugu yake zuwa kafin mai, kuma shi yasa ake bashi lokaci. Mu mun jiƙa na dattijon da yamma muka barshi ya kwana, da safe muka sake bugu muka sake fesawa.

Ranar da ya kawo shi so yake a gama ya koma da shi a take, yace min ɗana tumatir ɗin nan kwana biyu in bai sha ba ya tafi. Nace Baba kayi haƙuri ka ari na maƙwabci na gobe, in na matsa masa yau zan karya, in na karya kuma kwana uku ne ba ɗaya ba. Ya yarda, Allah ya saka masa, ba kowa ke yarda ba.

Yadda ake murɗawa

Da safe ka sa soket, abin da zaka fara yi shine ka ɗan ɗaure, eh ɗaurewa, ɗan kaɗan kamar motsin da bai kai faɗin farce ba, sannan ka dawo ta wajen kwancewa. Gaba kaɗan baya kaɗan, gaba baya, kowane zuwa yana niƙe garin da ke ciki. In ya fara motsi kar murna ta sa ka zarce, ka kwance kwatan zagaye ka mayar, ka fesa mai, ka kwance rabi ka mayar, haka har ya saki. In ka zarce kai tsaye garin yana taruwa a gaba ya cushe, ko ya kwaso zaren alminiyon ɗin ya fito da shi a jikin bol.

Yanzu ga abin da hannu yake ji, wanda shine bambancin wanda ya daɗe a aikin da sabon shiga. Bol ɗin da zai kwance yana yin ƙara, kaji ƙat ko ƙiiii, kuma yana da tauri a hannu. Wanda zai karye kuwa shiru yake, sai kaji soket ɗin yana tafiya da laushi kamar kana murɗa roba ko ɗanyen kara, in ka saki ya ɗan dawo baya. Wannan ba kwancewa yake ba, jikin bol ɗin ne yake murɗewa alhali zaren yana nan daram. Da ka ji wannan laushin ka tsaya cak. Ni nakan zana layi da alli daga kan bol zuwa jikin tukunya, in ramin ya ɓulle ta baya kuma in sa yaro ya zuba ido akan wutsiyar bol ɗin, in kai yana juyawa wutsiya bata motsi to a dakata.

A cikin huɗun nan biyu na sama sun fito da bugu da jiƙo kaɗai. Biyu na ƙasa, inda ruwa ke kwanciya, sun ƙi.

Wuta

Anan ne alminiyon yake taimakonmu. In an ɗumama shi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa, saboda haka in ka gasa kunnen da bol ɗin ke ciki ramin yana faɗaɗa fiye da bol ɗin, garin da ya matse sai ya tsattsage. To alminiyon ɗin da ke kewaye zaka gasa ba kan bol ba, kana yawo da harshen wutar kar ka tsaya wuri ɗaya. Ƙaramin bulolan na gas ya isa, wutar walda ta iskar gas tayi ƙarfi sai a hannun wanda ya ƙware.

Hatsarin shine alminiyon baya yin ja kafin ya narke. Ƙarfe yana gargaɗi, zaka ga yayi ja, shi kuwa wannan yana nan da launinsa har wajen digiri 660 inda zalla yake narkewa, na zubi ma ƙasa da haka, sai dai kawai kaga wurin ya lotsa. Abin da muke nema digiri 150 zuwa 200 ne kawai. Yadda zaka gane, ka ɗiga ruwa a kusa da wurin, in yayi cuu ya ɓace nan take ka wuce 100, ka ƙara kamar rabin minti ka janye wutar. Ka tuna akwai robar sil a tsakanin tukunya da murfi, zata iya ƙonewa, ka sa a ranka sabuwa zaka saka. Man da ka fesa shima yana kamawa da wuta, ka goge na waje kafin ka kunna, ga bokitin yashi a kusa.

Tun yana da zafi ka sa soket ka koma gaba baya ɗin nan. In yaƙi ka barshi ya huce, ka fesa mai yana ɗumi-ɗumi don ya tsotse, ka sake bugu, ka sake gasawa. Na uku ya saki a zagaye na biyu. Na huɗun kuwa dama wani ya riga ya murɗe shi a gona kafin a kawo, ina taɓawa kan ya faɗo.

In ya riga ya karye

Tunda sauran ukun sun fita, sai muka bubbuga tukunyar da gudumar roba muka zareta ta kan guntun, ya rage guntun bol kamar tsawon gaɓar yatsa yana leƙe daga murfin baya. Wannan sa'a ce. In akwai abin da ya leƙo, hanya mafi kyau itace walda: ka zura wosha akan guntun ya kwanta a jikin alminiyon, ka ɗora noti mai ɗan faɗi kamar M10, mai walda ya cika cikin notin ya haɗe shi da guntun. Waldar ƙarfe bata kama alminiyon, kuma zafin da ya ratsa bol ɗin shi kansa yana farfasa garin. Ka tabbata wayar at ɗin walda an maƙala ta kusa da wurin a jikin murfin, kar wutar ta bi ta shaf da boris ɗin injin ta lalata su. Ka bari jan ya mutu ya huce sosai kafin ka murɗa, in ka murɗa da zafi waldar ce zata tsinke. Na dattijon sai a noti na biyu ya taho.

In kuma ya karye daidai da fuska ko a can ciki, sai huda. Ka daidaita saman da fayil, ka buga fonci a tsakiya tsaf, wannan bugun shine rabin aikin domin in bakin diril ya zame zai bar ƙarfe mai tauri ya faɗa cikin alminiyon mai laushi, ramin ya karkace. Ka fara da baki mai milimita 3, a hankali da ɗigon mai, sai 5, sai 6, iyakarka 6.8 wanda shine ramin da ake hudawa don zaren M8. Kafin ka kai nan zaka ga ragowar bol ɗin ya zama kamar siririyar waya a cikin zaren, ka tsinto shi da tsinke mai kaifi. In ka samu bakin diril na hagu yafi, wani lokacin yana cikin ci sai ya kwanto guntun.

Abin da bana so ko kaɗan shine ɗan ƙarfen nan mai murɗin hagu da ake bugawa cikin rami don zaro karyayyen bol. Akan bol ɗin da ya karye don an ɗaure shi da yawa yana aiki. Akan wanda farin gari ya riƙe kuwa, ƙarfin da ya karya bol mai milimita 8 ta yaya siririn abu zai iya, ƙari ma yana buɗa guntun ya ƙara matsewa, in ya karye a ciki kuma diril ɗin da muke da shi baya cinsa.

Akwai wata hanya ta masu haƙuri, alif ɗin nan da ake sa wa ruwa ya kwanta, wasu na ce masa alimun. Ruwansa mai kauri in yana da zafi yana cinye baƙin ƙarfe ya bar alminiyon. Sai an cire murfin shi kaɗai babu wani ƙarfe a jikinsa, a wanke maiƙo tas, a narka alif har ya daina narkewa, a tsoma a tukunyar da ba ta ƙarfe ba ana ɗumamawa. Kwanaki yake ɗauka, kuma baya cin bol ɗin sitenles.

Gyaran rami

Kar ka mayar da bol cikin ramin da ba a share ba, garin da ya rage zai riƙe danshi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ka bi zaren da taf, wato ƙarfen yanka zare, na M8 mai tazarar 1.25, da hannu, rabin zagaye gaba kwata baya. In babu taf ka samu tsohon bol mai kyau ka yanka masa tsaga biyu a tsaye da zarto, zai kwaso dattin. Ka hure ramin da iska, ka wanke da ɗan fetur, ya bushe. Ramukan kunnen tukunya inda santsin bol ke ratsawa suma ka nannaɗe sanfefa a jikin ƙusa ka goge har bol ya riƙa wucewa da kansa ba turawa. In zaren ya tafi, akwai zaren waya da ake sakawa, helikoyil, yana zuwa da dirilinsa da taf ɗinsa, shi ma a shafa masa man kafin a sa bol.

Bol kuma in ya murɗe ko ka ga jikinsa ya rame a yar da shi. Ka sayi sabo mai lamba 8.8 a kansa, mai farin rufi ko ruwan ɗorawa, wannan rufin tutiya ne wato zinki, kuma ba ado bane, shi yake fara ci kafin alminiyon. Shi yasa sabon inji baya kafewa a shekarar farko, sai rufin ya ƙare. Wasu suna cewa a sa sitenles a huta, a'a, shi bol ɗin ba zai yi tsatsa ba amma bambancinsa da alminiyon a batirin nan yafi na baƙin ƙarfe, a ruwa mai gishiri yana iya sa alminiyon ɗin ya ƙara ci, in dole sai shi to man nan ya zama wajibi.

Man hana kafewa

A jikin gwangwanin ko tub ɗin zaka ga an rubuta Anti-Seize, a kasuwa wasu suna ce masa antisiz. Giris ne mai kauri da aka cuɗa shi da garin ƙarfe ko wani gari mai laushi sosai. Aikinsa biyu ne. Yana cika duk ɗan filin da ke tsakanin zare da zare ta yadda ruwa bashi da wurin zama, kaga an cire ɗaya daga cikin ukun nan. Sannan ko bayan shekaru maiƙon ya bushe ko zafi ya ƙone shi, garin yana nan a tsakani, bol ɗin yana zamewa a kansa. Giris na yau da kullum yana yin na farkon na ɗan lokaci, yafi babu nesa ba kusa ba, amma ruwa da zafi suna cinye shi kuma baya barin komai a baya. Baƙin mai kuwa tsiyayewa yake.

Kala-kala ne, kuma anan mutane suke kuskure. Wanda yafi yawa a shaguna shine ja mai garin jan ƙarfe, ana ce masa kofa giris. Yana da kyau a salansa da wuraren zafi inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe. Amma jan ƙarfe yafi baƙin ƙarfe bambanci da alminiyon, in ruwa ya samu shiga to ka ƙara wa batirin nan ƙarfi ne. Haka girafait, baƙin garin nan irin na bakin fensir. A busasshen wuri mutane suna sawa kuma ba a ganin illa, amma a famfon ruwa ni bana sawa. Ka nemi mai zinki, shine na farko a wurina domin garin tutiyar yana ci a madadin alminiyon kamar rufin sabon bol. In babu sai fari wanda babu garin ƙarfe a cikinsa, mai seramik ko teflon. Mai ruwan azurfa na garin alminiyon shima ana amfani da shi sosai, sai dai ka karanta bayan gwangwanin, wasunsu an haɗa da jan ƙarfe da girafait a ciki. In duk babu, giris mai jure ruwa ka sa, ka sabunta shi duk shekara.

Shafawa kuma kaɗan ake yi. Ga M8 kamar ƙwayar wake ya isa bol ɗaya. Ka ɗiba da ƙaramin burushi ka shafa akan zaren ya cika kwarin amma kana hango tudun zaren, ka bar zare ɗaya na baki babu komai, sannan ka shafa siriri a duk santsin jikin har zuwa ƙarƙashin kai, nan ne wurin da kowa ke mantawa kuma nan ne ya riƙe na dattijon. A jikin bol ake shafawa, ba a ɗura shi cikin rami. In ramin mai toshe ne ka cika shi da man, bol yana shiga zai matse shi ba hanyar fita, zaka ji kamar ya ɗauru alhali bai kama ba, in ka matsa ma yana iya tsaga zubin. Kar ya taɓa robar sil, ka goge wanda ya fito waje don yana kama ƙura, ka wanke hannu kafin cin abinci.

Ɗaurewa

Wannan ne wurin da mai gyaran kirki yake lalata aikinsa a minti na ƙarshe. Bol mai man nan yana da santsi, da ƙarfin hannun da ka saba zai ja fiye da yadda ya saba ja, kuma zaren alminiyon ne zai biya. Adadin da littafin inji ke bayarwa yawanci na busasshen zare ne, in ka shafa mai ka rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Bol M8 mai lamba 8.8 a bushe wajen 25 Nm ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, da man sai ka tsaya a 18 ko 19. Na M6 irin na murfin babur da ake ɗaurewa wajen 10, ka tsaya a 7 zuwa 8. In littafin injinka ya faɗi nasa adadin ko gwangwanin ya faɗi nawa za a rage, nasu zaka bi. In baka da sifanar awo, ka fara shigar da duk huɗun da yatsu har su zauna, in ɗaya yaƙi shiga da yatsu ramin bai sharu ba, sannan ka ɗaure a gicciye, na sama dama sai na ƙasa hagu, zagaye biyu ko uku kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ka riƙe hannun soket a tsakiya ba a ƙarshe ba. Robar ce ke hana yoyo, ba ƙarfin ɗauri ba.

Ba ko'ina ake sawa ba. Bol ɗin kan silinda da na kwanrod a bi abin da littafi yace kawai. Notin taya a barshi a bushe. Inda aka ce a sa gam ɗin kulle zare ba a haɗa su, man yana hana gam ɗin kamawa. Fulogi kuma, kamfanin NGK da kansa yana cewa kar a shafa wa nasu masu farin rufi, rufin ya wadatar kuma santsin yana sa a wuce ƙa'ida wajen ɗauri.

Da dattijon yazo ɗauka na nuna masa ƙaramin murfin ƙasan tukunya nace Baba ranar da kuka gama ban ruwa na ƙarshe a buɗe nan, a zuba ruwa mai daɗi a ɗauraye, a karkata injin ya tsiyaye, a barshi a rana wuni ɗaya da murafen a buɗe kafin a kai ɗaki, kuma a ɗora shi akan katako kar a ajiye a ƙasa ko kusa da buhunan taki. Sai na ɗebar masa ɗan man a kwalbar magani, na nuna wa jikansa da ya rako shi yadda zai kwance bol ɗin ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen kowane rani, ya goge, ya shafa, ya mayar kafin ya taɓa na gaba, ta haka tukunyar bata motsawa kuma robar bata tashi daga mazauninta.